Na tsinci takardar filin mahaifiyarmu a ƙasan adaka, ina neman shawara

Ummu Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutuna, abin ne ya tsaya min a rai na kasa barci. Mahaifiyarmu ta rasu tun 2009, Allah ya jiƙanta. An raba kayan ɗakinta a lokacin amma akwai wata tsohuwar adakar ƙarfe da babu wanda ya damu da ita saboda makullin ya ɓata, sai aka tura ta ɗakin ajiya. Makon jiya ruwa ya yi mana yoyo na ce a fito da kaya, aka ɓalle kwaɗon. Zannuwa ne tsofaffi suna warin kafur, a can ƙasa kuma wata baƙar leda an naɗe ta da zare, a ciki katin asibitinta na awo da wata takarda mai layi-layi irin ta littafin makaranta an ninke ta huɗu. Takardar cinikin fili ce ta 1994, rubutun hannu da biro, sunanta ne a matsayin mai saye, girman fili ƙafa 50 da 100, an rubuta maƙwabta gabas da yamma kudu da arewa, shaidu uku, hatimin mai unguwa, ita kuma ta dangwala yatsa. Gara ta ci kusurwa ɗaya amma rubutun yana karantuwa.

Matsalar ita ce filin nan na gane shi. Kawunmu ne, ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya, yake noma shi tun muna yara, mu duk mun taso mun ɗauka nasa ne, a 2016 ma ya zagaye shi da katanga ya yi ɗaki ɗaya a ciki. Babanmu ya rasu 2018 bai taɓa yi mana maganar ba. Ban faɗa wa kowa ba har yanzu sai mijina. Me ya kamata in fara yi? Kuma takardar nan tana da wani amfani kuwa bayan shekarun nan?

Maman Sadik:
Allahu akbar, Allah ya jiƙan Mama ya kai haske kabarinta. Wallahi na karanta sai da na yi hawaye a wajen dangwalen yatsan nan. Kafin masana su zo, dan Allah kar ki ba kowa asalin takardar ko da dubawa zai yi ya dawo da ita, ki ɗauke ta hoto gaba da baya ki yi fotokofi.

Abu Ammar:
Gaskiya 'yar uwa kar ki wahalar da kanki. Takardar hannu ba komai ba ce in babu C of O, wato takardar shaidar riƙe fili ta gwamnati, kuma doka ta ce in mutum ya shekara goma sha biyu a kan fili ba a yi masa magana ba ya zama nasa. Shi kuma ya haura talatin. Ki bar wa Allah kawai.

Barista Nana:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta mata. Abu Ammar ka taɓo wani abu amma ka yi saurin yanke hukunci, zan dawo kan maganarka.

Ummu Hanifa, na farko abin da Maman Sadik ta faɗa daidai ne, in ƙara da cewa kar ki kai ta a yi mata laminetin. Mutane suna ganin adanawa ce, alhali in rigima ta kai ga a duba tawada ko hatimi ko yatsan da aka dangwala, robar nan tana hana a duba da kyau, wani ma ya ce an rufe ne don a ɓoye gyara. Kar ki bi rubutun da ya dushe da biro, kar ki liƙe inda gara ta ci da salatif. Ki buɗe ta a hankali ki sa a cikin fayil busasshe, ledar da katin asibitin ma ki ajiye su tare, domin su ne suke nuna inda ta fito.

Na biyu, ban san ƙasar da kike ba, zan yi magana a kan Najeriya don ita na sani. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake riƙewa shi ne haƙƙin zama da amfani. C of O shaida ce ta wannan haƙƙin, amma ba ita kaɗai ce hanyar tabbatar da shi ba, filaye da yawa da mutane suke zaune a kai babu ita sam. Takardarki tana nuna abu uku masu nauyi: an yi ciniki, an biya kuɗi, kuma Mama ce mai saye. Abin da ba ta nuna ba shi ne me ya faru bayan 1994. Ta sayar? Ta bayar kyauta? Ta ba da aro? Nan ne duk maganar take. Saboda haka takardar tana da amfani sosai amma ita kaɗai ba ta gama magana ba.

Abu Ammar:
Barista to shekara goma sha biyun fa? Ni a bakin wani lauya na ji.

Barista Nana:
Akwai ta a dokokin ƙayyade lokacin shigar da ƙara na jihohi da dama, ba ƙarya ka ji ba. Amma ana lissafa ta ne ga wanda ya zauna a filin yana jayayya da mai shi, wanda aka ba izini ya noma ba ya cikin wannan. Sannan magana ce ta gado tsakanin musulmi, mafi yawa kotun shari'a za ta je, can kuma ƙa'idar hauzi ake bi, wato hukuncin wanda ya daɗe yana riƙe da abu, Malam Tanimu ya fi ni saninta.

Malam Tanimu:
Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. 'Yata, a mazhabar Malikiyya in bare ya riƙe gida ko fili shekara 10 yana aiki da shi kamar nasa, mai shi yana gari, yana gani, ya san nasa ne, babu abin da ya hana shi magana kuma ya yi shiru, to daga baya ba a sauraron ƙararsa. Amma Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, da kanta ta ce wannan muddar ba ta aiki tsakanin dangi da surukai, saboda an san ɗan uwa yana kawar da kai ga ɗan uwansa don kunya da zumunci. Tsakanin dangi malamai suna kai ta shekara 40. Daga 1994 ba a kai ba tukuna. Sannan ku ba ku ma san da filin ba, wanda bai sani ba kuwa ba a ce ya yi shiru. Kuma in asalin shigarsa aro ne ko amana, komai daɗewa ba ya zama mallaka.

Sai dai ina so ki lura da wani abu, na ga kin rubuta kamar magana ce tsakaninki da kawu. Filin in ya tabbata na marigayiya ne, ba na wanda ya tsinci takarda ba ne, na duk wanda ya gaje ta ne ranar da ta rasu. Ki faɗa min su wa ta bari a raye a 2009, har da iyayenta.

Ummu Hanifa:
Na gode Malam, Allah ya ƙara girma. Ta bar babanmu, ta bar mahaifiyarta wato kakarmu, mahaifinta ya riga ta rasuwa. Mu 'ya'ya biyar ne, maza biyu mata uku. Kaka ta rasu 2012 ta bar kawun nan da ƙanwarsa guda ɗaya, ba ta da miji a lokacin. Baba kuma da ya rasu ya bar abokiyar zaman Mama da 'ya'yanta huɗu bayan mu.

Malam Tanimu:
To madalla, lissafin ya fito sarai. A kasa filin kashi 12. Miji yana da rubu'i tunda akwai 'ya'ya, kashi 3 ke nan. Uwa tana da sudusi, kashi 2. Saura 7 na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu, maza biyu kowa 2, ku mata uku kowa 1. Ya cika 12 babu ragi.

Yanzu ki duba inda abin ya bi. Kashi 3 na mahaifinku ya shiga dukiyarsa, matarsa da ya bari tana da sumuni a ciki, wato ɗaya bisa takwas, sauran kuma na 'ya'yansa ne su tara, ku biyar da ƙannenku huɗu na ɗaya ɗakin. Kashi 2 na kakarku ya koma ga 'ya'yanta da suke raye lokacin rasuwarta, wato shi kawun da ƙanwarsa, shi biyu bisa uku ita ɗaya bisa uku, ku jikoki ta wajen 'ya mace ba ku da komai a ciki. Kin ga ke nan ko da an tabbatar filin na mahaifiyarku ne ɗari bisa ɗari, kawunku magaji ne a cikinsa ta hanyar uwarsa, yana da ɗaya bisa tara na filin gaba ɗaya. Saboda haka kar wani ya je masa da maganar ka fita daga filinmu.

Maman Sadik:
Ikon Allah. Malam wato har 'ya'yan kishiya suna da rabo a filin da ta saya da guminta? Wannan kam zai yi wa mata da yawa ciwo in sun ji.

Malam Tanimu:
Ba ita suka gada ba, ubansu suka gada, shi kuma Allah ne ya yanka masa rubu'in. Da an raba a 2009 da ya karɓi abinsa ya yi yadda ya so da shi. Jinkirin rabo ne yake sa magada su yi ta yawa haka.

Ɗan Baiwa:
Anti in dai sayarwa za ki yi ki bi a hankali da dillalai, kar ki yarda da wanda zai ce ki ba shi takarda ya nemo mai saye, ki sa a yi komai a gabanki a rubuce.

Ummu Hanifa:
Ba sayarwa nake nufi ba ƙanina, ko filin ma bai zo hannu ba ai. Amma na gode.

Alhaji Safiyo:
Ni ta ɓangaren aikina zan shigo. Kin ce kin gane filin, ta yaya kika gane shi? Ina tambaya ne saboda irin waɗannan takardun ba su da zane ba su da lambar siminti, sunayen maƙwabta kawai ne, maƙwabtan 1994 kuma wasu sun rasu wasu sun sayar an sake sayarwa. Na sha ganin mutum ya rantse nan ne filinsa sai a auna a ga na kusa da shi ne. Kuma me katangar kawu ta zagaye? In kin je ki ƙirga bulo a tsawon katangar ta waje, bulo ɗaya inci 18 ne wato ƙafa ɗaya da rabi, gefen ƙafa 50 zai ba ki bulo talatin da 'yan kai, gefen 100 sittin da wani abu. In kin ga gaban ya kai bulo sittin da wani abu shi ma, to fili biyu ne ya haɗe, wataƙila ɗaya nasa ne na kansa ɗaya na mahaifiyarku. Wannan ba awo ba ne na hukuma, don ki san inda kika dosa ne kawai.

Ummu Hanifa:
Alhaji na gane shi ne da maƙwabcin gabas, tsohon yana nan da rai kuma shi ne ma shaida na biyu a takardar, gidansa yana jikin katangar. An yi wa katangar filasta ta gaba amma ta baya bulo a fili yake, zan sa mijina ya duba.

Hajiya Babba:
'Yan nan ku ji ni da kyau. Ni irin wannan ta faru a gidanmu. Mun samu takardar gonar mahaifinmu bayan ya rasu, yayanmu ya ɗauki zafi ya tafi kotu kai tsaye bai yi wa kowa magana ba, aka yi ta zuwa ana ɗagawa, ƙarshe da aka je wurin ashe tuni hukuma ta yanka unguwa a wajen titi ya bi ta tsakiyar gonar, diyyar ma wani ya karɓa tun da daɗewa. Ba mu samu gona ba kuma har yau gida biyu ba sa gaisawa, 'ya'yanmu ba su san juna ba. Ummu Hanifa kawu uwa ne, shi da ƙanwarsa suka rage miki a dangin uwarki. Ni da ni ce zan mayar da takardar nan cikin adaka in rufe.

Malam Tanimu:
Hajiya ina girmama maganarki kuma zafin da kika ji gaskiya ne. Amma ba ta da ikon yafe abin da ba nata ba. Nata kason za ta iya barin wa kawu, sadaka ce mai kyau. Na 'yan uwanta fa, da na ƙannenta wanda wataƙila akwai marayun da ba su balaga ba? Ɓoye takardar ɓoye haƙƙinsu ne. Shi kansa kawun in yana zaune a kan abin da ba nasa ba, gara ya sani yana da rai.

Hajiya Babba:
Malam na ji, amma ku maza kuna faɗin hukunci ne mu muke zama da abin da ya biyo baya.

Barista Nana:
Labarin Hajiya akwai darasi a ciki ta wajen aiki, shi ne a bincika kafin a yi magana. Ummu Hanifa ga yadda zan bi da ni ce. Ki fara sanar da 'yan ɗakinku, babban wanku musamman, ki nuna musu kofi. Sai a je wajen tsohon nan shaida da wuri, ba don tsoratarwa ba amma shekaru sun ja, a je da maza biyu masu hankali waɗanda ba magada ba, a gaishe shi a bar shi ya ba da labari da bakinsa kar a sa masa magana a baki, in ya yarda a ɗauki muryarsa. Sai gidan mai unguwa, ko wanda ya sa hatimin ya rasu wanda ya gaje shi zai iya gane hatimin, wasu ma suna da littafin da suke rubuta ciniki. Sai kuma ofishin filaye na ƙaramar hukuma da na jiha a duba ko an buɗe fayil a kan wurin da sunan wani, ko wurin ya faɗa cikin shatar gwamnati. Mutumin da ya kashe kuɗi ya yi katanga zai iya yiwuwa ya nemi takarda da sunansa. In ma ya samu C of O kar gabanku ya faɗi, Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 cewa takardar ba ta ba mutum haƙƙin da tun asali ba shi da shi. Amma fa aikin zai ƙara tsawo da kashe kuɗi, ba zan ɓoye miki ba.

Wani abu kuma, ki duba yadda aka rubuta sunanta. Mata da yawa a takarda ɗaya sunan uba ne a wata sunan miji, in ya bambanta da na takardar rasuwa sai an yi rantsuwa a kotu cewa mutum ɗaya ce.

Ummu Hanifa:
'Yan uwa na dawo, ku yi haƙuri da shiru. Na faɗa wa Yaya Babba, da farko ransa ya ɓaci sosai yana cewa a daren zai je, da ƙyar matarsa ta tare shi, na karanta masa lissafin Malam sai jikinsa ya yi sanyi da ya ji kawu ma yana da kaso. Alhaji Safiyo maganarka ta fito, bayan katangar bulo 67 ne, gefe ma kusan haka, ashe fili biyu ne a haɗe. Mun je wajen tsohon, wallahi yana ganin kofin ya gane sa hannunsa ya fara kuka, ya ce ranar a zaurensa aka rubuta, Mama tana daga bayan ƙofa aka miƙa mata takardar ta dangwala, kuma awarwaronta ta sayar ta biya. Ya ce na jikin gidansa shi ne nata, na yamma kawu ya saya daga baya da kuɗinsa. Ɗakin da ya gina kuma a kan na Mama yake.

Jiya Yaya da baffanmu suka je wajen kawu cikin ladabi. Bai musa ba ko kaɗan, ya ce eh ita ta saya, amma ta ba shi kyauta tun kafin ta kwanta ciwo, ta ce masa ka riƙe na bar maka, kuma Baba ya sani shi ya sa bai taɓa magana ba. Aka ce wa ya ji? Ya ce Kaka da Baba, dukkansu sun rasu. Tsohon kuma abin da ya ce ya ji da kunnensa shi ne ka riƙa nomawa kar a cinye min iyaka. Ni yanzu kaina ya kulle, kawu ba maƙaryaci ba ne a sanina, shi ya yi ta ɗawainiya da ita a asibiti.

Maman Sadik:
To in kyauta ta ba shi me ya sa ta riƙe takardar ta naɗe a leda ta ɓoye? Wanda ya ba da fili ai da takarda yake bayarwa.

Abu Ammar:
Ba dole ba ne Maman Sadik, tsakanin ya da ƙani wa yake tuna takarda, ƙila ita kanta ta manta da ita. Shirun mahaifinsu na shekara tara ma abin dubawa ne, mutum yana da rubu'i a fili ya ga ana katanga bai ce uffan ba?

Malam Tanimu:
Dukkanku kun kawo alama, amma alama ba ta kai shaida ba. A hukunce tunda ya amsa asalin nata ne, shi ne mai da'awar kyauta, shi zai kawo hujja: maza biyu adalai, ko namiji da mata biyu, ko shaida ɗaya ya haɗa da rantsuwarsa tunda maganar dukiya ce. Kyauta tana cika da karɓa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali, karɓa kam yana da ita tunda filin yana hannunsa, furucin kyautar ne babu mai tabbatarwa. In bai samu ba alƙali zai iya juyo da rantsuwa kanku cewa ba ku san ta bayar ba. Ki tambayi innarku ƙanwarsa tukuna, sau da yawa mata sun fi sanin irin wannan, sai dai ita ma tana da kaso a ciki, a yi la'akari da hakan.

Barista Nana:
Kuma in za a yi sulhu akwai hanya mai sauƙi, a kira masu kima su yi wa filin kuɗi ba tare da ɗakin ba tunda shi ya gina, a cire kasonsa, wanda ya ga dama cikin baligai ya yafe nasa, sauran ya biya su a hankali. A rubuta kowa ya sa hannu a kai kotu ta tabbatar. Kafin nan a roƙe shi kar ya sayar kar ya ƙara gini.

Hajiya Babba:
Ƙannen naku na ɗaya ɗakin an faɗa musu kuwa? Don wallahi ranar da uwarsu ta ji a bakin wani ba a bakinku ba, wata sabuwar wuta ce.

Ummu Hanifa:
Ba a faɗa musu ba tukuna Hajiya, Yaya ya ce ranar Asabar za mu je gaba ɗaya, biyu daga cikinsu ba su balaga ba ma. Inna kuma na kira ta a waya ta yi shiru can ta ce ba maganar waya ba ce in zo gida. Malam in Inna ta ce ta ji kyautar, shaidarta ita kaɗai da rantsuwar kawu ta isa ko sai an samu wani?